Masu shan kiriyatin da dare, barcinku lafiya?

Ɗan_Hotoro78: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya ga masu ɗaga ƙarfe. Yau kwana 9 ke nan da na fara shan kiriyatin, garin nan da ake sha don ƙara ƙarfin tsoka, kuma tun daga lokacin barcina ya lalace. Ina tashi daga shago bayan magariba, in shiga jim bayan isha'i, in fito wajen ƙarfe 10, in kaɗa garin in shanye kafin in yi wanka. Da can ƙarfe 11 da rabi ba ta yi mini ido biyu. Yanzu sai in yi ta juyi har ƙarfe 1 da wani abu, in na samu na runtsa kuma sai fitsari ya tashe ni sau biyu kafin asuba. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, wani abokina cewa ya yi shi kuwa in bai yi barci ba da dare, kiriyatin ɗin yake sha da safe ya wartsake. To wanne ne gaskiya? Yana hana barci ne, ko maganin rashin barcin ne? Nauyina kilo 78, in da amfanin faɗa.

Koc_Bala: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kiriyatin ba ya hana barci, ka rubuta ka ajiye. Shekara 6 ina sha, ƙarfe 11 na dare ma na sha na kwanta kamar an jefar da buhu. Ka nemi ɓarawonka a wani wuri.

Sadiq_Ƙarfe: Ni dai ya hana ni. Kowa da jikinsa, Koc. Kada ka ce don kai ba ya maka to ba ya yi wa kowa.

Malam_Famasi: Ɗan Hotoro, kafin a yanke wa garin hukunci ka amsa mini tambaya uku. Giram nawa kake sha a rana, kuma nawa ne na daren? Shi kaɗai ka saya, ko akwai wani abu da ka fara tare da shi? Sannan da ruwa nawa kake kora shi?

Ɗan_Hotoro78: Malam, mai sayarwar ya ce in yi lodin na sati ɗaya, giram 20 kullum. Ya ce in raba huɗu, amma da rana ina mantawa, sai na mayar da shi ludayi biyu da safe, ludayi biyu bayan jim. Na ma ci gaba a haka har yau don ban san satin ya cika ba. Ruwa kuwa gora ta lita 1 da rabi nake shanyewa tsakanin jim da gida, an ce yana busar da mutum. Abin da na fara tare da shi, akwai wani firi-wokawut, garin da ake sha kafin motsa jiki, mai ɗanɗanon kankana da ya haɗa mini, ina shan ludayi ɗaya da rabi wajen ƙarfe 8.

Koc_Bala: Ka ji ɓarawon da bakinsa! Ashe yana cikin ɗaki kake ta neman sa a tsakar gida.

Malam_Famasi: Juya robar mai kankanar ka duba bayanta, ka nemo inda aka rubuta `caffeine`, ka gaya mana lambar da ke gabansa.

Ɗan_Hotoro78: An rubuta 200mg a kowane ludayi.

Malam_Famasi: To mu yi lissafin tare. Ludayi ɗaya da rabi, miligiram 300 ke nan na kafeyin, kusan kofi uku na gahawa ka ɗura wa cikinka ƙarfe 8 na dare. Jikin yawancin manya yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage kafeyin da ke cikin jini zuwa rabi. Ke nan ƙarfe 1 na dare, lokacin da ka ce kana juyi, akwai sauran wajen 150 yana yawo a jininka. Har ka tashi sallar asuba ba ka rabu da shi ba. An yi wani gwaji a Amurka da aka buga a 2013, aka ba mutane miligiram 400 awa 6 kafin su kwanta, duk da wannan tazarar sai da barcinsu ya ragu da fiye da awa ɗaya. Kai kuwa tazararka awa 3 da rabi ce kacal.

Kafeyin da kiriyatin ba hanya ɗaya suke bi ba. Akwai wani sinadari, adinosin, da yake taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga safe, shi ne yake sa ido ya yi nauyi da dare. Kafeyin zuwa yake ya toshe ƙofar da adinosin ke ƙwanƙwasawa, sai ka kasa jin barcin ko da gajiyar tana nan. Kiriyatin ba ya taɓa wannan ƙofa. Shi ma'aji yake cikawa a tsoka, wanda jiki ke zara daga ciki in ana aikin ƙarfi na 'yan daƙiƙu, kuma cikar ma'ajin a hankali take zuwa, kwanaki ne ko makonni. Ba ya sa bugun zuciya ya ƙaru, ba ya sa hannu rawa.

Tashin fitsari kuma ba sai an je asibiti ba, lita 1 da rabi cikin awa biyu kafin kwanciya ko ba ka sha garin komai ba za ta tashe ka.

Ummu_Hanan_Nos: Ni tambayar abokin nasa ce ta kawo ni. Ina aikin dare sau uku a jere, in fito ƙarfe 8 na safe, yara ba sa bari in yi barcin da ya wuce awa 4. Ƙanwata ta turo mini wani bidiyo ana cewa masana a Jamus sun gano kiriyatin yana maye gurbin barci. Malam Famasi, akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Tanko_Direba: Nima shi nake jira a amsa. In dai da gaske ne to mu 'yan hanyar Legas mun huta da goro.

Baban_Ilham: Jama'a ku ji tsoron Allah da wannan abu. Yayana an auna jininsa an ce kiriyatin ɗinsa ya hau, yanzu haka wankin ƙoda ake masa sau biyu a sati. Ku kuma kuna sayen sa da kuɗinku kuna sha?

Ummu_Hanan_Nos: Allah Ya ba shi lafiya, Baban Ilham. Amma abin da aka auna wa yayanka kiriyatinin ne, da ƙarin "in" a ƙarshe. Dattin da tsoka ke fitarwa ne, ƙoda ta tace shi ya fita ta fitsari. In ƙoda ta gaza sai ya taru, shi ya sa likita ke duba shi. Alamar ciwon ce, ba shi ya kawo ciwon ba. Inda maganarka take da gaskiya, mai ciwon ƙoda bai kamata ya taɓa garin nan ba sai likitansa ya sani. Kuma mai shan sa in za a ɗebi jininsa ya faɗa, don yakan ɗan ɗaga lambar ko da ƙodarsa lafiya lau, sai a tsorata shi a banza.

Baban_Ilham: Amin. Na ji, amma ni dai ba zan bar ɗana ya sha ba.

Malam_Famasi: Anti Nos, binciken yana nan, bidiyon ne ya yi masa ƙarin gishiri. A cibiyar bincike ta Jülich a Jamus aka yi, aka buga a 2024. Mutum 15 ne kawai, matasa masu lafiya. An hana su barci har awa 21, kuma kowannensu ya zo sau biyu, sau ɗaya aka ba shi kiriyatin, sau ɗaya aka ba shi garin bogi. An ba su da dare, sannan cikin dare har zuwa asuba ana sa su a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ana kuma ba su gwaje-gwajen tunani. A daren da suka sha na gaskiyan sun fi saurin warware tambayoyi, sun fi riƙe abu a ka na ɗan lokaci. Tasirin ya fi ƙarfi wajen awa 4 bayan sha, ya kuma ja har kusan awa 9.

Sai dai ki lura da adadin. Giram 0.35 aka ba su a kan kowane kilo na nauyin jiki, a tashi ɗaya. Mai kilo 70 giram 24 da rabi ke nan. Ɗan Hotoro mai kilo 78 sai ya sha sama da giram 27, wato ludayi biyar da ɗoriya a kofi ɗaya. Shi kansa jagoran binciken ya ce bai ba kowa shawarar ya gwada wannan adadi a gida ba. Kuma babu inda suka ce ya maye gurbin barci. Mutanen sun ɗan fi ƙoƙari ne a kan kwamfuta a cikin daren, bashin barcin kuwa yana nan a wuyansu.

Koc_Bala: Ai shi ya sa nake gaya wa yarana, duk ranar da ba ku yi barci ba ku ninka ludayi, ku sha giram 10 da safe. Kimiyya ta tabbatar.

Malam_Famasi: Koc, a nan kam ka yi tsalle ka wuce inda kimiyyar ta tsaya. Giram 10 bai kai rabin abin da aka bayar a Jülich ba. Kuma ƙwaƙwalwa ba ta karɓar kiriyatin kamar yadda tsoka ke karɓa. Tana ƙera nata, kuma shingen da ke tsakaninta da jini ba ya barin da yawa ya ratsa. A wani tsohon gwaji na 1999 sai da mutane suka yi sati 4 suna shan giram 20 kullum kafin na ƙwaƙwalwarsu ya ƙaru da ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Abin da ya sa aka yi mamakin na Jamus ke nan, sha ɗaya ya nuna wani abu. Su masu binciken suna ganin haɗuwar abu biyu ce, jini cike da kiriyatin a daidai lokacin da ƙwaƙwalwa take cikin matsin rashin barci. Hasashe ne mai ma'ana, amma a kan mutum 15.

Zulai_Fitnes: Malam, amma akwai na 'yan wasan rugbi da ya fi kusa da maganar Koc, ko? Na tuna an kawo mana shi a kos ɗin da na yi. Su ba hana su barci aka yi gaba ɗaya ba, rage musu aka yi, irin na Anti Nos.

Malam_Famasi: Kin yi gaskiya Zulai, na gode da kika tuna mini. Na 2011 ne, 'yan wasa 10. Sun kwana awa 3 zuwa 5, sai aka ba su miligiram 50 ko 100 a kowane kilo, awa ɗaya da rabi kafin a gwada su a jifan ƙwallo zuwa wata alama. Ranar da aka ba su na bogi saitinsu ya lalace, ranar da aka ba su kiriyatin bai lalace ba, haka ma ranar da aka ba su kafeyin. Ga mai kilo 80 wannan giram 4 ne ko 8, don haka Koc yana da inda zai rataye hularsa. Na janye rabin maganata. Rabin da ban janye ba shi ne "ta tabbatar". Mutum 10 suna jifan ƙwallo ba su isa a ce an tabbatar ba.

Koc_Bala: Rabi ma ya ishe ni, Malam. Yau na ci nasara a kan mai farar riga.

Tanko_Direba: To ni nawa zan sha? Kilo 90 nake. Daga Kano in na taso da la'asar, kafin in kai Mokwa idona ya fara yaji.

Ummu_Hanan_Nos: Baba Tanko don girman Allah kada ka ɗauki wannan zancen ka hau titi da shi. Wanda ya fāɗi gwaji a kwamfuta sake masa ake yi. Kai in ido ya rufe maka na daƙiƙa uku da tirela, shi ke nan. Mu ne muke karɓar su a imajensi. Ka faka ka yi barci ko na minti 20 ne.

Malam_Famasi: Abin da Anti ta faɗa. Babu ɗaya daga gwaje-gwajen nan da aka yi a kan tuƙi, kuma ba a nuna cewa garin yana hana ɗan gyangyaɗin nan da ke zuwa ba sallama ba. A lissafin Jamus kai giram 31 da rabi za ka sha, kuma abin da ya fi yiwuwa ka samu shi ne murɗawar ciki a inda babu banɗaki.

Tanko_Direba: Kai, to a bar ni da gorona.

Sadiq_Ƙarfe: Kun bi ta kan maganata kun wuce. Ni ba na shan firi-wokawut, ba na shan gahawa, shayi ma sai da safe. Zallan garin nake sha, giram 5, wanda aka rubuta `creatine monohydrate` ba gauraye. Barci yana ɗaukata lafiya, amma tun da na fara sai in farka ƙarfe 4 garau, alhali da sai an yi kiran farko an yi na biyu matata tana tashina. Na daina na wata ɗaya, na koma yadda nake. Na dawo, abin ya dawo. Ko ni ma ɓarawon a ɗakina yake?

Gwanin_Zolaya: Sadiq kai da aka taimaka wa kana samun sahun farko, kuma ƙorafi kake?

Malam_Famasi: Sadiq, ba zan ƙaryata ka ba, kuma naka ya bambanta da na Ɗan Hotoro. Shi barcin ne ya ƙi zuwa, kai kuwa ya zo ya tafi da wuri. Akwai gwajin da aka yi a kan ɓeraye, aka buga a 2017. An sa musu kiriyatin a abinci na sati 4, sai jimillar barcinsu ta ragu, kuma da aka hana su barci ba su rama da yawa kamar yadda suka saba ba. Masu binciken sun fassara shi da cewa buƙatar barcin ce ta ragu. Ɓera ba mutum ba ne, amma labarinka ya yi kama da wannan. Ka lura kuma, in ma haka ne, sha na makonni ne ya jawo, ba wai don an sha da dare ba. Tambayar da zan maka, in ka farka ƙarfe 4 ɗin, da rana kana gyangyaɗi a wurin aiki ko kana garau?

Sadiq_Ƙarfe: Gaskiya ba na gyangyaɗi. Haushi kawai nake ji in ga agogo. Kuma da safe nake shan nawa, ban taɓa sha da dare ba.

Zulai_Fitnes: To ka ga naka ma bai shiga tambayar Ɗan Hotoro ba, tunda shi lokacin sha yake tambaya. Ni kuma akasin haka na gani. Ranakun da na ɗaga ƙarfe na fi yin barci mai nauyi tun da na fara. Akwai ma ƙaramin gwaji na 2024 a kan mata masu ɗaga ƙarfe, giram 5 kullum na sati 6, aka ga masu shan sa sun fi daɗewa suna barci a daren ranar motsa jiki. Su ma ba su da yawa, ashirin da 'yan kai ne. Amma ka ga ɓeraye sun ce ƙasa, mata sun ce sama.

Gwanin_Zolaya: Ni dai tsakanin ɓera da mata na san wanda ba zan yi musu da shi ba.

Abba_Dalibi: Yayyena ku yi haƙuri in shigo. Jarrabawa za mu fara sati mai zuwa, kwana nake karatu. In na fara yau zai taimaka mini in haddace?

Malam_Famasi: Abba, akwai gwaje-gwaje biyu daga Ingila, 2006 da 2007, da suka yi kama da tambayarka. An ba matasa giram 20 kullum na kwana 7 kafin a hana su barci. A na farkon, bayan awa 24, masu sha sun fi sauran saurin amsawa, sun fi tsayuwa daidai, ransu bai ɓaci sosai ba. A na biyun da aka ja har awa 36, a gwaji ɗaya mai wahala kawai aka ga bambanci, sauran duk ɗaya. To ka ga ɗan tallafi ne ga wanda yake farke. Haddar kuwa cikin barci take zama. Abin da ka karanta da dare, in ba ka kwanta a kansa ba, da safe wani ɓangarensa ya zube, kuma babu garin da aka nuna yana yin wannan aikin.

Abba_Dalibi: Wato in saya ko kada in saya?

Koc_Bala: Ka sayi ƙwai da kuɗin, ka kwanta ƙarfe 12.

Ɗan_Hotoro78: Na gode ƙwarai jama'a. To yanzu ni me zan yi a aikace? In zubar da mai kankanar? Kuɗi na sa fa. Kuma na manta ban faɗa ba, wasu dararen cikina yana ƙugi har in shiga banɗaki, ga wani ƙaiƙayi a fuska da hannu in na fara jim.

Malam_Famasi: Ƙaiƙayin daga mai kankanar ne, ana zuba musu wani abu beta-alanin da ke sa fata tsira-tsira, yana wucewa da kansa. Ƙugin cikin kuma giram 10 ɗin da kake sha a tashi ɗaya ne. Abin da hanji bai tsotse ba yana jawo ruwa ya zauna, sai zawo. An taɓa gwada wannan a kan 'yan ƙwallo, masu shan 10 lokaci ɗaya sun fi masu raba shi 5 da 5 yawan gudawa. A nan kam zan yarda cewa shan dare ya ɓata maka barci, amma ta ciki ya bi.

Ka daina lodin yau, kwana 9 ya wuce abin da ake buƙata, tsokarka ta cika, abin da ka ƙara fitsari yake tafiya. Ka koma ludayi ɗaya, giram 5 ko ma 3. Kada ka sauya komai da komai rana ɗaya, in ka yi haka ba za ka san mai laifin ba. Satin farko ka bar kiriyatin a inda yake, bayan jim, ludayi ɗaya a kofin ruwa ɗaya, ka ajiye mai kankanar gaba ɗaya, ruwanka kuma ka sha yawancinsa da rana. Ka samu takarda kusa da gado, kullum da safe ka rubuta lokacin da ka kwanta, kimanin lokacin da barci ya ɗauke ka, da sau nawa ka tashi. Kwana biyu ko uku na farko kana iya jin ciwon kai da kasala saboda barin kafeyin, kada ka ɗora wa garin. Sati na biyu ka mayar da ludayin zuwa karin kumallo, komai ya zauna yadda yake. In sati biyun sun zo ɗaya, lokacin sha ba shi da laifi.

Zulai_Fitnes: Ƙari a kan na Malam, jim ɗin kansa ma abin dubawa ne. Ka gama ɗaga ƙarfe ƙarfe 10, jiki da zafi, zuciya ba ta sauka ba, ka ci tuwo, ka ce 11 da rabi za ka yi barci. Wasu suna iyawa, wasu sai sun ba da tazarar fiye da awa ɗaya.

Ɗan_Hotoro78: Da can ma haka nake yi kuma ina barci, Anti Zulai. Shi ya sa ban zarge shi ba.

Hamza_Maradi: Sannunku da hira. Mu nan tambayar da ke zuwa kowace shekara ta azumi ce. Dole dai sai da dare za a sha, to da buɗa baki ko da sahur?

Koc_Bala: Bayan tarawihi, da ka gama motsa jiki. Lokacin tsoka take buɗe, in ka wuce minti 30 ka yi asara.

Malam_Famasi: Koc, yau sai na karɓe rabin da na ba ka. Babu wata asarar minti 30. Tunda ma'aji ake cikawa, kuma in ya cika ko an daina sha sai ya yi kamar wata ɗaya kafin ya koma yadda yake, bambancin awa biyu ko biyar ba ya sauya komai da za ka gani. Hamza, ka haɗa shi da abincin buɗa baki, ciki ya fi karɓar sa da abinci, kuma ruwan da za ka sha zai samu lokacin fita kafin ka kwanta. In sahur ne ba ka mantawa, sha da sahur.

Hamza_Maradi: Madalla. Bara da sahur na sha, ban ga ya hana ni komawa barci bayan asuba ba.

Ummu_Hanan_Nos: Ni dai na yanke shawarar zan gwada giram 5 kullum na wata biyu in gani, tunda ƙodata lafiya kuma ba na shayarwa. Babban ludayin Jamus kuwa a bar wa Jamusawa. Sai dai na san halin kaina, in na sa rai zai yi aiki to zan ji kamar ya yi.

Sadiq_Ƙarfe: Anti ki sa maigida ya riƙa kaɗa miki a kunu, wani satin ya zuba wani satin kada ya zuba, ya rubuta a ɓoye. Garin ba shi da ɗanɗano sosai. Ni ma da na yi tunanin haka da wuri da na yi.

Malam_Famasi: Dabarar tana da kyau ga wanda ke son gwada babban sha ɗaya. Ga na kullum sati ɗaya ya yi kaɗan, don na satin da ya wuce yana nan a jiki. Sai dai wata-wata, kuma a kunu mai kauri, don a ruwa ana jin sa kamar yashi a ƙasan kofi.

Ɗan_Hotoro78: Na dawo da rahoto kamar yadda na yi alkawari, kwana 15 ke nan. Satin farko, kiriyatin da dare, babu mai kankana: barci yana ɗaukata cikin minti 20 zuwa 30, in ban da dare biyu na farko da kaina ya yi ciwo. Cikina ya daina ƙugi. Tashin fitsari ya koma sau ɗaya, wasu dararen babu. Sati na biyu da na mayar da shi safe, kusan duk ɗaya, sai dai dare biyar cikin bakwai ban tashi ko sau ɗaya ba, a satin farko kuwa dare uku ne. Ban sani ba ko kofin ruwan nan ɗaya ne bambancin, ko kuwa don a sati na biyu wuta ta zauna fanka tana aiki.

Koc_Bala: Na gaya maka tun ranar farko.

Sadiq_Ƙarfe: Nasa ya warware, nawa fa? Jiya ma 4 saura minti biyar na farka.

Gwanin_Zolaya: Ɗan Hotoro, sauran mai kankanar nawa za ka sayar? Ina da biki ranar Asabar, kwana za mu yi.

Ɗan_Hotoro78: Ba na sayarwa ba ne, ranar Lahadi da safe nake zuwa jim, shi zan riƙa sha a lokacin, rabin ludayi. Malam Famasi, na safen zan ci gaba da shi ko in koma na dare? Na daren ne ba na mantawa.

Malam_Famasi: Koma na daren ka ƙara sati ɗaya da takardarka, yanzu da fankar take aiki. Sadiq, kai kuma ka gwada sauka zuwa giram 3 na wata ɗaya ka gaya mana ƙarfe nawa kake farkawa.